Tifar kubik fit 400 kubik mita nawa ce? Lissafina ya ƙi fita

Maman_Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah masana gini ku taimaka min. Za mu zuba dekin, injiniyan da ya yi mana lissafin kaya ya rubuta a takarda yashi 16 m³, tsakuwa 32 m³, to shi kuma mai kawo kayan da na kira shi ya ce shi bai san wani kubik mita ba, tifarsa kubik fit 400 take ɗauka kowane sawu, in faɗa masa sawu nawa nake so kawai. Na tuna an ce mita ɗaya ƙafa 3.28 ce sai na raba 400 da 3.28 ya ba ni kusan 122, kenan sawu ɗaya ya ishi dekin ɗin har ya yi ragowa mai yawa? Ni dai hankalina bai kwanta ba don na ga tifar da idona ba ta kai haka ba. Maigidan ba ya gari, injiniyan kuma wayarsa ba ta shiga tun jiya, kuma mai tifar yana jiran amsa.

MaiTayil_Bashir:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ba da 3.28 ake rabawa ba, da 10.76 ne. Ni kullum da shi nake aiki in an ba ni awon ɗaki da ƙafa ina so in mayar mita. 400 a raba da 10.76 zai ba ki wajen 37, kin ga sawu ɗaya na tsakuwa ya isa, yashi kuma rabin mota.

Injiniya_Sabo:
A'a Malam Bashir, tsaya tukuna kar Hajiya ta yi oda da wannan. 10.76 ɗinka daidai ne amma na shimfiɗa ne, tsawo da faɗi kawai, irin aikinka na tayil. Yashi kuwa yana da zurfi, gefe uku ne ake aunawa.

Hajiya ki ɗauka kina da akwati mai mita ɗaya a tsawo, mita ɗaya a faɗi, mita ɗaya a tsayi, shi ne kubik mita ɗaya. Yanzu kina so ki jera ƙananan akwatuna masu ƙafa ɗaya ta ko'ina a cikinsa. A tsawo uku za su shiga da ɗan fili ya rage, wato 3.28 ɗin nan taki, a faɗi ma haka, in kin ɗora su sama ma haka. Saboda haka sau uku ake ninka lambar, 3.28 × 3.28 × 3.28, abin da yake fitowa kusan 35.3 ne. Kubik fit 35.3 ke yin kubik mita ɗaya.

To 400 ÷ 35.3 = 11.3. Tifar in har da gaske 400 take ɗauka, kubik mita 11.3 ce. Tsakuwarki 32 sawu uku kenan, zai ba ki kusan 34. Yashi 16 kuma sawu ɗaya da kusan rabi ne a takarda, amma akwai magana a kan yashin, zan dawo kanta.

MaiTayil_Bashir:
Kai, gaskiya ne Injiniya, na manta da zurfin kwata-kwata. Hajiya ki yi haƙuri, ki bi nasa.

Nura_Dalibi:
Mu a aji 0.0283 aka ce mu riƙa ninkawa da shi, ba a ambaci 35.3 ba. Wanne ne ya fi daidai ranka ya daɗe?

Injiniya_Sabo:
Duk abu ɗaya ne Nura, ɗaya juyin ɗaya ne. Ƙafa ɗaya mita 0.3048 ce cif, ka ninka ta sau uku za ka samu 0.0283. Ko ka ninka 400 da 0.0283 ko ka raba shi da 35.3, a 11.3 za ka sauka. Ni na fi son 35.3 don ya fi zama a kai, ko a bakin mota kake ba kalkuleta ka ce 35 sau goma 350, saura 50, ka san ya ɗan haura goma sha ɗaya.

Maman_Hanifa:
Allah ya saka da alheri Injiniya, yanzu na gane inda na kauce. To in kira shi in ce tsakuwa sawu uku yashi sawu biyu kenan?

Baba_Audu_Birkila:
'Yata kar ki kira shi tukun. Shi wannan 400 ɗin wa ya auna? A bakin mai mota kika ji shi. Na shekara sama da talatin ina karɓar yashi a wajen aiki, ba kasafai nake sa tef a bodin tifa in samu abin da aka faɗa min ba, ba wai lallai ha'inci ba ne, wasu su ma haka suka ji a wajen wanda ya sayar musu da motar, wasu kuma suna haɗawa da tozon da ake yi a sama. Ki ce ya kawo motar ba kaya, ko ki tura yaro inda take fakin da tef, a shiga ciki a auna tsawo da faɗi da zurfi, daga ciki fa ba daga waje ba, don ƙarfen bodin da haƙarƙarinsa na waje suna cin inci da yawa. In an samu lambobin nan uku sai a kawo wa Injiniya ya buga.

DirebanTifa_77:
Baba Audu da girmanka amma ba kowa ke rage kaya ba. Ni in na loda a wajen ɗiba har tozo nake yi, amma kafin in iso wajen aiki hanya ta girgiza shi ya kwanta, mai kaya ya leƙa ya ce ban cika ba. To ni ya zan yi, in tsaya a hanya in ƙara? Kayan da aka zuba su ne dai a ciki ba wanda ya taɓa.

Baba_Audu_Birkila:
Ai na ce ba lallai ha'inci ba ne ɗana. Amma shi mai gini abin da ya iso ƙofarsa shi zai kwaɓa.

Ummu_Sadik:
Ni abin da ya faru da ni daban ne amma ya yi kama. Lokacin da muke cike filin tsakar gida aka ce min mota "goma" ce, ni kuma na ɗauka kubik mita goma ake nufi, na yi oda sawu huɗu ina jiran 40, aka zo aka baje ya ƙi isa, sai daga baya wani ya ce min ai goman nan yadi ne ba mita ba. Har yau ban gama fahimtar bambancin ba, ni dai na san sai da na ƙaro mota ɗaya da 'yan kai.

Nura_Dalibi:
Anti yadi ɗaya ƙafa uku ne, to kubik yadi 3 × 3 × 3 kenan, kubik fit 27. Mita kuma 35.3. Motarki ta yadi goma kubik fit 270 ce, a mita wajen 7.6. Sawu huɗu 30 da ɗan kai kika samu maimakon 40, shi ya sa.

Ummu_Sadik:
Ikon Allah, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kenan ya tafi a kan kalma ɗaya da ban tambaya ba. Na gode ƙanina.

Abu_Halima:
Ni a ganina duk wannan wahala ce, a saya da tan kawai. Mota ta hau sikeli ba kaya, ta hau da kaya, a cire, a ba ka takarda, ba gardama ba tef. Kubik mita ɗaya tan ɗaya ne, Hajiya ki nemi tan 32 na tsakuwa shi kenan.

Injiniya_Sabo:
Alhaji rabin maganarka na yarda da ita, sikeli ya fi tef raba gardama musamman a tsakuwar da ake fasawa da inji. Amma kubik mita ɗaya tan ɗaya ruwa ne kawai yake haka. Tsakuwa kubik mita ɗaya tana kai wajen tan ɗaya da rabi, tana ɗan hawa tana ɗan sauka gwargwadon irin dutsen da girman fashin. In Hajiya ta karɓi tan 32 abin da za ta samu wajen kubik mita 21 ne kawai, aikin zai tsaya a tsakiya. Tana buƙatar wajen tan 48. Kuma a yashi sikeli ma yana da tasa matsalar, in jiƙaƙƙe ne har da ruwan da ke ciki za a auna maka.

Abu_Halima:
To na karɓi gyara a kan lambar, amma ina nan a kan bakana cewa sikeli ya fi. Tef kowa da yadda yake riƙe shi.

Maman_Hanifa:
Na dawo. Na bi shawarar Baba, ƙanena ya je ya shiga cikin bodin ya auna, mai motar ma bai ji haushi ba shi ya riƙe masa bakin tef ɗin. Tsawo ƙafa 14 da inci 6, faɗi ƙafa 7 da inci 3, zurfi ƙafa 3 da inci 6. Na buga 14.6 × 7.3 × 3.6 ya ba ni 383.7, kenan bai yi nisa da 400 ɗin ba sosai ko?

Injiniya_Sabo:
Madalla da aka auna. Amma Hajiya akwai wani tarko a nan da yake kama mutane da yawa har da masu aikin. Inci 12 ne a ƙafa ɗaya, ba goma ba. Saboda haka inci 6 rabin ƙafa ne, 0.5 za ki rubuta ba 0.6 ba, inci 3 kuma kwata ne, 0.25. Kullum ki raba incin da 12 kafin ki sa shi bayan ɗigo.

Daidai ɗin shi ne 14.5 × 7.25 × 3.5, yana ba da 368 in an cike. A raba da 35.3, kubik mita 10.4 kenan in an cika ta dam daidai bakin bodi. Kin ga tsakanin 400 da aka faɗa da 368 akwai kubik fit 32, kusan kubik mita guda a kowane sawu.

Yanzu tsakuwa sawu uku 31.3 zai ba ki, kina neman 32. Ya matso amma bai kai ba, kuma wannan in kowace mota ta iso a cike ne.

Nura_Dalibi:
Na gwada ta ɗaya hanyar don in tabbatar. Na mayar da kowane gefe mita tun farko, 4.42 da 2.21 da 1.07, na ninka ya ba ni 10.45. Ya yi daidai da na Injiniya, ɗan bambancin daga cike lamba ne. Gaskiya in tef ɗin yana da santimita a ɗaya gefen gara a karanta nan kawai, ba ruwanka da 12 ba ruwanka da 35.3.

Baba_Audu_Birkila:
Yaron nan ya faɗi gaskiya, yawancin tef gefe biyu ne da shi. Sai dai mu da muka tashi da ƙafa da inci idonmu can yake zuwa.

Wani abu kuma 'yata, ki tambayi ƙanenki ko ya ga wani ƙumburi a gaban bodin ta ciki, wasu motocin inda jak ɗin ɗaga bodi yake ana yi masa gida ya shigo cikin wajen kaya, wasu kuma kusurwar ƙasa ba a miƙe take ba an karkata ta don kaya su zube da sauƙi. Duk wannan yana rage abin da tef ya nuna. Kuma tsohon kaya da ya manne a ƙasan bodi ya daskare, na sha ganin mai kaurin tafin hannu, shi kullum yana cikin motar ana lissafa shi ba ya sauka.

DirebanTifa_77:
To ai shi ya sa muke sa katako a gefe mu ƙara tsayi, kuma muna yin tozo. 400 ɗin da mutumin ya faɗa ina tabbatar miki da tozo yake nufi. Ku kuna auna bakin ƙarfe kawai ku ce mun faɗi abin da ba haka ba.

Injiniya_Sabo:
Oga direba maganarka tana kan hanya, bari mu auna ta. Shimfiɗar bodin nan 14.5 × 7.25 ce, wajen 105. Kowane inci ɗaya na zurfi a wannan motar kubik fit 8.8 ne, wato kwatan kubik mita. Kafin a samu ƙarin 32 ɗin nan sai kayan sun haura baki da kusan inci 4 a ko'ina, daga gaba har baya har kusurwa. Tozo kuwa a tsakiya yake da tsayi, gefensa ya gangaro ya mutu a baki, saboda haka sai tsakiyarsa ta kai ninki biyu zuwa uku na haka kafin ya biya. Yana yiwuwa, ban ce ba ya yiwuwa ba, amma sai an gani.

Kuma lissafin yana aiki ta ɗaya ɓangaren. In mota ta iso kayan sun yi ƙasa da baki da inci 4, ɗan abin da ido zai raina, kubik fit 35 ne ya tafi, kubik mita guda cur. Sawun ya koma 9.4, sawu uku 28 da ɗan kai, Hajiya ta rasa kusan 4 a cikin 32 ɗinta.

Abin da nake sa yarana su yi shi ne kafin a juye, mutum biyu su hau da shebur su baje tozon ya kwanta, a gitta miƙaƙƙen katako a kan bakin bodi, a auna daga katakon zuwa kan kayan a wuri uku ko huɗu, a ɗauki tsaka-tsaki. Minti goma ne. Da zarar an juye a ƙasa magana ta ƙare, tsibi ba ya aunuwa da kyau.

DirebanTifa_77:
Minti goma a wajenku, mu kuma sawu muke kirgawa a rana. Kuma har yanzu ba wanda ya amsa min, kwanciyar da kaya suka yi a hanya wa zai ɗauki asararta? A inda na saya a cike aka auna min.

Abu_Halima:
Kun ga abin da nake faɗa. Da sikeli ne ko ya kwanta ko ya tashi nauyinsa ɗaya.

Ummu_Sadik:
Ni dai a ganina a yi maganar tun kafin a loda, a ce awon wajen ɗiba ne ko na wajen saukewa, kowa ya san abin da ya amince da shi. In na wajen saukewa ne direba sai ya sa kuɗinsa yadda zai fitar da shi.

Garba_Kafinta:
Ku yi haƙuri na shigo a makare, katako nawa ne dekin ɗin zai ci? In kubik fit ake nema ni ma da shi muke sayen katako.

Maman_Hanifa:
Malam Garba an riga an gama kafinta, maganar yashi da tsakuwa ce. Injiniya ka ce za ka dawo kan yashin, ina jira don shi ne ban san ko biyu zan ce ko ɗaya da rabi ba.

Injiniya_Sabo:
Yauwa. Yashi mai danshi yana kumbura. Ɗan ruwan da ke jikin ƙwayoyin yana hana su matsuwa da juna sai ya ci wuri fiye da busasshe, yana iya ƙaruwa da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, mai laushi ya fi mai gautsi yin haka. Abin mamakin shi ne in ruwan ya yi yawa har ya nutsar da shi sai ya koma ya kwanta kamar busasshe. Da wannan ake gwada shi. Ki samu gwangwani ko bokiti mai miƙaƙƙen gefe, ki zuba yashin yadda ya zo ba dannawa har tsayin santimita 20, ki zuba ruwa ya shanye shi ki juya da sanda iska ta fita, ki bari ya kwanta ki sake aunawa. In ya koma 16, to 4 a kan 16 kenan, ya kumbura da kwata.

Abin da ban gani a takardarki ba shi ne ko 16 ɗin da abokin aikina ya rubuta ya riga ya sa wannan a ciki. In busasshe yake nufi kuma yashin da za a kawo mai danshi ne irin wanda na kwatanta, kina buƙatar 20 ne, sawu biyu na motar nan 20.8. Kin ga biyun ba almubazzaranci ba ne. Tsakuwa ita ba ta wannan kumburin.

Baba_Audu_Birkila:
Wannan gaskiya ne, mu a hannu muke gane shi, in ka dunƙula yashi ya tsaya bai warware ba to da danshi, ranar kwano biyu na yashi ba ya yin aikin kwano biyu, kwaɓin sai ya fito da tsakuwa tsirara. Ni yashi ban taɓa jin tsoron ya yi ragowa ba, ga filasta ga ginin bulo duk suna jiransa, sai dai na filasta an fi son mai laushi. Tsakuwa ce abin ji, in ta yanke ana tsakiyar zuba dekin ga injin kwaɓi yana juyawa ga leburori a tsaye, kankaren da aka zuba ya fara kamawa kafin wata motar ta iso, nan za a samu gaɓa a inda ba a shirya ta ba, kuma irin wurin ne yake yawan yoyo daga baya. Ni da ni ne huɗu zan ce.

Abu_Halima:
Huɗu ya yi yawa Baba, 41 fa kenan a inda ake neman 32, kusan mota guda za ta zauna a ƙofar gida. Ta karɓi uku ta auna, in ya gaza ta nemi ƙaramar mota ta cike.

Nura_Dalibi:
Kuma watakila shi injiniyan ya riga ya sa rarar zubewa a cikin 32 ɗin, yawanci ana ƙara wani abu saboda wanda ke bin ƙasa.

Injiniya_Sabo:
Watakila, shi ya sa dole a ji daga bakinsa. Amma tunda ba ranar da aka kawo kaya za a zuba ba, shawarar Alhaji tana da kyau in an bar kwana biyu a tsakani. A rubuta awon kowane sawu a takarda direba yana gani, a tara, abin da ya rage a san shi da lamba kafin a kira masu kwaɓi.

Maman_Hanifa:
Na yi magana da mai motar yanzu, na faɗa masa 368 muka samu, ya ce shi da tozo yake lissafi kamar yadda Oga direba ya faɗa, kuma ya yarda a baje a auna kafin a juye amma ya ce in kayan sun kwanta a hanya da inci ɗaya ko biyu ba zai rage kuɗi ba. Na ce masa yashi biyu tsakuwa uku tukuna. Injiniyan namu ya turo saƙo wai da yamma zai kira, zan tambaye shi maganar danshin da ta rarar. Baba Audu ƙanena ya ce akwai ƙumburin nan a gaba amma bai auna shi ba, gobe in motar ta zo da sawun farko zan sa ya auna bayan an juye.

DirebanTifa_77:
Inci biyu a motar nan rabin kubik mita ne fa in lissafin Injiniya daidai ne, Hajiya ki sani kafin ki amsa masa. Ni dai a wajena inci ɗaya nake cewa a yafe min, abin da ya wuce haka a cire.